Kashi na ukun da na hana ƙanena

Ranar da ƙanena ya ce zai tafi haƙar zinari Jado, gero na neman maimai, Inna tana kwance ba lafiya. A gona ya gaya mini. Na juya ƙotar hauya na sheme masa baki. Ya tofar da haƙori, ya shaƙe ni, muka yi ta birgima cikin kunyoyi muna karya gero har maƙwabta suka ɓanɓare mu.

Da safe Inna ta kira ni. "Ubanku ba ya nan, kai ne uba. Ka raka shi tasha ka yi masa addu'a, ko in tsine maka."

Ban yi nisa a allo ba, amma wannan na iya, a bakin mahaifinmu na ɗauka. Mai zama shi ke kama hannun matafiyi ya ce: Astaudi'ullaha dinaka, wa amanataka, wa hawatima amalika. Wato na ba Allah ajiyar addininka, da amanarka, da ƙarshen ayyukanka. Abu uku. Kuma ba ya sakin hannun sai matafiyin ya zare nasa da kansa.

A gindin motar Maradi na kama hannunsa, na matse har na ji yatsu suna ƙara. Bai motsa ba. Na ce dinaka. Na ce amanataka, ina kallon tsakar idonsa, don amanar mai tafiya ita ce abin da ya bari a baya, ga ta can kwance a ɗaki. Daga nan na yi shiru.

"Ƙarasa mana, Yaya," ya ce, leɓensa a kumbure.

"Ƙarshenka kai ka sani."

Na yarfar da hannun. Direba ya ce, "Haba malam, ko akuya ba a sallama haka." Shi kuwa ƙanena ya mayar da addu'ar matafiyi cif: Astaudi'ukumullahal lazi la tadi'u wada'i'uhu. Na ba da ajiyarku ga Allah, wanda ajiyarsa ba ta ɓacewa. Ya shiga mota.

Bayan kaka wani ɗan garinmu da suka tafi tare ya dawo da hannu ɗaya a naɗe. Ƴan fashi sun tare su gaba da Agadas, suka kwantar da su rubda ciki a rairayi. Ƙanena ya ɗaga kai, aka harbe shi a wuya.

Abu ɗaya na tambaya: ya samu yin kalmar shahada?

"Bakinsa na motsi," in ji shi, "amma jini ne ke fita. Ban ji ba."

Liman ya ce addu'ata ba ita ke riƙe da ajali ba, kuma rahamar Allah ba a hannuna take ba. Na sani. Amma shi Liman ba hannun kowa ya yarfar ba.

Inna ta warke. Sau ɗaya ta tambaye ni ko na yi masa addu'ar duka. Na ce na yi.