Rigar da Tela Ya Gyara

Duk layin an san Tela da hali ɗaya: ba ya iya ganin zare na reto ya kau da kai. Ko gaisawa kuke yi, in bakin aljihunka ya saki, sai ka ji almakashi a ƙirjinka. Ƙyallen nan na cikin riga mai rubuce-rubuce kuwa gaba yake da shi, wai susa yake sa mutane. Shekara talatin yana yanke su.

Wansa ya yi zaman ƙasar waje yana sharar filin ƙwallo, ya dawo masa da jesi ja mai sa hannu a ƙirji. Ya ce wani ɗan wasa ne ya tuɓe ta daga jikinsa ya ba shi. Matsalar ita ce Yaya mutum ne mai daɗin baki, labarinsa ba ya rasa gishiri, don haka ba wanda ya yarda sai Tela. Bayan rasuwar Yaya ma ba a fasa ƙaryata shi ba.

"Allah Ya jiƙan Yayanka," in ji Mai Aski, maƙwabcin shagonsa, "amma ko a wannan rigar ya shara mana."

Maganar ta yi wa Tela ciwo ƙwarai. Washegari ya naɗe rigar ya nufi shagon Mai Jesi, wanda sana'arsa ke nan, saye da sayar da rigunan ƙwallo da buga musu lamba. So yake a faɗa da babbar murya cewa wansa ya yi gaskiya ko sau ɗaya.

Mai Jesi ya shimfiɗa ta a tebur, ya murza yadin.

"Baba, wannan yadin na 'yan wasa ne. Ka ji rashin nauyi, ga ƙananan huji na shan iska. Ta 'yan kallo ta fi kauri."

Tela ya gyara zama. Mai Jesi ya shafa lambar baya, ya kai farce gefenta. Ya ce da injin zafi aka manna ta, gefen ya kwanta lif, ga ƙaramin tambarin gasar a gindin lambar, daidai da na shekarar da Yaya ya kawo ta.

Sai ya zo kan bajon kulob. Ya juya rigar ciki waje.

"To, nan kuma na ɓata. A waccan shekarar bajon 'yan wasa mannawa ake yi, don kada zare ya goge musu fata. Na 'yan kallo ne ake yi wa surfani. Wannan na mannawa ne, amma an bi shi da keken ɗinki. Ban taɓa ganin haka ba ko a jabu."

"Ɗinkin bai yi kyau ba ne?"

"Ya yi kyau mana. Kyan ne ma ya ruɗa ni."

Tela ya rasa ko daɗi zai ji ko kunya. Ya yi gyaran murya ya ce ai gefen ne ya ɗago wata shekara, shi kuma ga keke a gabansa.

Mai Jesi ya dafe kai. "Garin neman gira, Baba! To sa hannun fa, tawadar alƙalamin maka ce ta gaske, ta shiga zaren, ba bugu ba ne. Amma maka ba ta faɗin mai riƙe da ita. Ana samun sa hannun gaske a rigar jabu, ana samun na jabu a ta gaske."

"Yanzu ta gasken ce ko ta jabun?"

"Yadi da lamba akwai masu kwaikwayonsu sosai. Bari mu ga ƙyallen ciki. Akwai lambar kaya a jiki, in na bincika za ta nuna ko irin ta 'yan wasa ce, da lokacin da aka yi ta."

Ya laluba gefen rigar, ya sake lalubawa. Babu komai sai wani ɗinki siriri, tsaf, irin na gwani. Ya ɗago ya dubi Tela. Tela ya dubi silin.

"Ba tare da shi ba, ba zan ce ƙarya ce ba, ba kuma zan sa bakina in ce gaskiya ce ba," in ji Mai Jesi.

A hanya Tela ya tuna cewa matarsa ba ta zubar da ƙyallayen shago, matasan kai take cusawa. Yana shiga gida ya zare almakashi. Kafin ta fito daga kicin ya farke huɗu.

"Malam, lafiya? Me matashin ya yi maka?"

Ya ci gaba da tono. Yana zaune dirshan a tsakar ɗaki, ya tara fararen ƙyallaye masu lambobi a cinyarsa, sun fi ɗari, na wando, na riga, na siket, duk yankan hannunsa. Ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki wancan, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Gaskiyar Yaya na cikin nan," ya ce da ita. "Zo ki taya ni, ni ban san kamanninta ba."