Rufin Baba Meshak

A ƙauyenmu, mil shida daga Kafanchan, in abu ya lalace tun bai tsufa ba sai ka ji an ce, "Ai rufin Meshak ne." Har yaran da ba su san mutumin ba suna faɗa. Ni na san shi, kuma duk lokacin da na ji maganar nan raina ɓaci yake yi. Ina cikin zumuntar mata lokacin da aka gina majami'ar, da kaina na ɗauki ruwan kwaɓa tubalinta, saboda haka ba labari aka ba ni ba.

Meshak Kumai kafinta ne. Shekara ashirin da biyu ya yi a ma'aikatar jirgin ƙasa ta Kafanchan kafin ya dawo gida, ya zo da zartonsa da rabin duro da taurin kai. In ka ba shi aikin rufi, ka shirya yin haƙuri. Maɗaci yake so, ko ƙawo, ko loko in an samu, kuma jan cikin itacen, ban da farin gefen nan da gara ke so kamar tuwo. Sai ya jera katakon a inuwa, da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, ya bar shi wata biyu ko uku. In ya bushe ya yanka kowanne daidai tsawonsa, sannan ya tsoma bakunan a duron kirisot, baƙin maganin nan mai wari da ake jiƙa katakon layin dogo da shi, su kwana uku suna sha. Sauran jikin ya shafe sau biyu. Ba ya yarda bakin katako ya shiga cikin laka. Sai an zuba siminti a kan bango tukuna, don in gara ta hau ta cikin ƙasa dole ta fito fili ta gina hanyarta inda ido zai gani. Mutane suna mita, amma gidajen da ya rufa suna nan.

A 1973 muka gama bangon sabuwar majami'a, tubalin ƙasa, bayan godiyar kaka. Shugaban kwamitin gini Malam Alexander ne, hedimastan firamare, mutum mai farar riga da biro uku a aljihu. Ya riga ya aika wa baƙi takarda cewa ranar Kirsimeti za a buɗe. Sati biyar ya rage. Ya tafi Kafanchan shi kaɗai, ya dawo da mota cike da katako baƙi wuluk, yana sheƙi. Muka yi guɗa.

Baba Meshak bai yi murna ba. Ya ɗaga guda ɗaya ya ji nauyi, ya sa zarto ya yanke bakinsa. Ciki fari fat, garin katakon ma a jiƙe, yana manne wa zarto.

"Malam, wannan maje ne," in ji shi. "Ɗanye kuma. Bai kai sati biyu da yankawa ba."

"Baba, an shafa," in ji Malam Alexander. "Ba ka ga baƙi ba? Mai katako ya ce an yi masa tiritimen."

"Baƙin man mota ne aka shafa. Ɗanyen itace ba ya shan komai, cikinsa cike da ruwa. Wannan riga ne kawai aka sa masa. Gara zai shiga ta baki, ya ci ciki, ya bar maka rigan."

Aka yi dariya, har da ni, Allah ya gafarta mini. A wurinmu lokacin baƙin katako shi ne katako mai magani. Kalmar nan "an shafa" ta ishe mu. Ba wanda ya tambaya me aka shafa, ko a kan me.

Baba Meshak ya ce a ba shi zuwa Ista. Aka ce baƙi suna zuwa. Ya ce to a zuba siminti a kan bango. Aka ce simintin na daɓen wurin bagade ne. Ya naɗe awonsa ya tafi gida. Da la'asar Rabaran ya bi shi da dattawa biyu. Suka ce aikin Ubangiji ne, suka tuna masa a ikilisiyar nan aka yi masa baftisma, suka ce in ya ƙi za a ɗauko wani daga gari, kuma mutane za su ce Meshak ya juya wa gidan Allah baya. Wannan ta ƙarshe ce ta karya shi. Matarsa Paulina ta faɗa mini cewa ya ce gwamma ya hau da kansa, ko ya ceci wani abu.

Bai ceci komai ba. Ya tsoma bakunan a sauran kirisot ɗinsa, ɗanyen itace ya ƙi sha. Katakon kuma gajere ne, bakin kwano bai wuce bango da taƙi ɗaya ba, alhali shi ƙafa biyu yake bari don ruwa ya zuba nesa. Da ya sauko, samari suka hau suka cike tsakanin raftoci, wato katakan rufin, da laka don kada jemagu su shiga, suka binne bakin kowane katako. Ya yi faɗa, aka ce tsoho ya cika ƙorafi. Ranar buɗewa Malam Alexander ya yi jawabi mai tsawo, ya gode wa kowa da sunansa, ya ce rufin nan aikin gwani ne, Baba Meshak. Aka tafa masa, shi kuwa kansa a ƙasa.

Damina huɗu ruwa yana dukan saman bango, laka tana riƙe danshi, bakunan katako suna ruɓewa a ɓoye. Gara ta hau ta cikin tubali, ba wanda ya ga hanyarta. Kowace shekara Baba Meshak yakan je wa kwamiti ya ce a bari ya buɗe ya duba. Su ɗaga kai su ga katako baƙi lafiya lau, su ce Baba ya huta.

A watan Afrilu na 1978, ranar Alhamis da rana muna cikin zumunta, iskar farkon damina ta taso. Ƙusoshi ba su da abin riƙewa. Gefen gabas na rufin ya ɗaga, ya dawo ciki. Rafta ɗaya ta sauka a kafaɗar Afiniki mai ba da waƙa, har ta mutu hannun nan bai ƙara ɗaguwa sama ba. Na ɗauki guntun katakon, na matsa da yatsa, ya fashe. Baƙin ɓawo ne kawai, ciki ƙasa.

Ranar Lahadi aka yi taro a ƙarƙashin mangwaro. Baba Meshak ya miƙe ya faɗi yadda aka yi, bai ƙara ba bai rage ba. Dattawan da suka je gidansa suna zaune, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Malam Alexander ya gyara tabarau.

"Baba, ni malamin makaranta ne, ban san itace ba. Kai ne kafinta. In ka san ba shi da kyau, don me ka kafa?"

 Baba Meshak ya koma ya zauna. Ni ma da nake wannan cika baki yanzu, ina wurin, na san gaskiya, ban ce uffan ba. Wannan yana ci mini rai har gobe.

Daga ranar ba wanda ya ƙara ba shi rufi, ko na ɗakin kaji. Malam Alexander ya sami ƙarin girma aka mai da shi Kwoi. Aikin da ya rage wa Baba Meshak shi ne akwatin gawa, don shi ne ba a jira, kuma ba mai dawowa da ƙara.

Na je wurinsa a ƙarshen 1979 da rasuwar surukata, neman akwati. Na same shi yana feƙe wani farin katako mara nauyi. Don in ja shi da hira na ce, "Baba, wane itace ne wannan?"

Bai ɗago ba. "Maje ne, Mama. Wannan dai na gara ne tun farko, ba wanda zai ce na cuce shi."