Sabon ɗakin kwaɓi

Shekara goma sha tara tsohon nan ya yi yana kwaɓa fulawa a gidan burodinmu na Tanout, tun zamanin mahaifinmu. Baba muke ce masa. Da mahaifinmu ya rasu, yayana ya karɓi gidan, ni kuma ina wajen gashi.

Yayana mutum ne mai son a ce ya iya. Da bazara, ganin kwaɓi yana saurin tsami a tsohon ɗakin da ke jingine da tanderu, sai ya gina sabo can ƙuryar gida, daɓen siminti, taga biyu. Ya yi kyau, ban hana shi ba. Muka ci damina lafiya.

Da sanyi ya shigo, sai kwaɓi ya ƙi tashi. Baba ya kwaɓa bayan asuba, har azahar abu yana kwance kamar tuwon jiya. In mun gaji mun gasa, burodi ya fito dunƙule, masu shayin tasha su dawo mana da shi suna tsaki.

Baba ya ce wa yayana, "Alhaji, ɗakin nan sanyi gare shi. Ga ruwan da ke kwana cikin tano, duron ƙarfen nan, hannu ma ba ya son shi. Yis abu ne mai rai, sanyi na sa shi kasala."

Yayana ya ce, "Mai rai? To wa ke cinye shi?"

Wai wani ya gaya masa an ga Baba yana hira da masu fanke. Shi ke nan fa! Ranar kasuwa, gaban ma'aikata da masu sari, ya ce Baba yana rage yis yana sayarwa. Ɓarawo, da bakinsa ya faɗa. Ina tsaye riƙe da katakon tsamo burodi daga tanderu, ban ce uffan ba. Har yau in na tuna sai in ji na tsani kaina. Baba ya wanke hannunsa, ya ɗauki hularsa, ya koma ƙauyensu wajen Ollelewa.

Yayana ya kama awon yis da kansa, har ninkawa ya yi. Kwaɓin ya ɗan motsa, burodi ya fito yana warin yis, kuma bai daina ɓata mana rabin yini ba. Kwana huɗu muna haka.

A na biyar na gwada maganar Baba. Na sirka ruwa ya zama ɗumi kawai, wanda yatsa zai zauna ciki bai ji zafi ba, don na san ruwan zafi kashe yis yake. Na kwaɓa da awon da Baba ya saba, na raba biyu. Rabi na bar shi kan siminti a sabon ɗaki. Rabi na kai tsohon ɗaki, na ɗora kan katako taku ɗaya daga bangon tanderu, na rufe da ɗanyen ƙyalle kada samansa ya bushe, na ajiye tukunyar ruwan zafi a gefe, na ja ƙofa. Kafin hantsi ya yi nisa kwaɓin ya ninka, ya ture ƙyallen. Na dangwala yatsa, ramin ya riƙa cikowa a hankali. Na sabon ɗaki kuwa da kyar ya ɗaga, ɗumin ruwan ya tsere cikin siminti. Yis ɗin bai mutu ba, ba kuma wanda ya sace shi. Cikin sanyi a hankali yake cin abincinsa cikin fulawa, a hankali yake sakin iskar da ke kumbura kwaɓi.

Na kira yayana ya duba duka biyun. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a mayar da kwaɓi tsohon ɗaki har sanyi ya wuce. Na ce, "Yaya, Baba fa?" Ya ce in ina so in je in kira shi, amma shi ba zai tara mutane ya ce ya yi ƙarya ba. Haba! Kamar shi aka zalunta.

Na hau mota na tafi. Na tarar da Baba yana gyaran rumbu, ya rame. Na durƙusa na kwashe komai na gaya masa, har da katakon da ƙyallen. Ya saurara bai katse ni ba.

Ya ce, "Kada ka matsa shi jikin bangon sosai, gefe guda zai yi zafi."

Na ce, "To, Baba. Ka yi haƙuri ka dawo."

Ya ce surukin ɗiyarsa ya ji maganar a kasuwar Tanout, har ya aiko yana tambaya. Sannan ya dube ni.

"Ranar da aka ce ni ɓarawo ne, kasuwa ce ta ji. Yau kai kaɗai ka zo."

Ya sa aka kawo mini fura. Bai dawo ba, kuma yayana bai taɓa buɗe baki ya wanke shi ba.