Kwalin da Khaulat Ta Ƙi Mayarwa

Shekara goma sha ɗaya shagona na atamfa yana manne da kantin maganin Khaulat Abdulrahim a Azare, bango ɗaya ya raba mu, don haka duk wanda ya ce mini matar nan tana da sauƙin kai, zan ce masa bai taɓa sayar mata da kaya ba. Gajeruwa ce, ga tabarau, ga murya ƙasa-ƙasa kamar ba za ta iya korar kaza ba. A Zariya ta karanta haɗa magunguna, ta yi aikin asibiti shekara shida, sannan ta buɗe nata a 2001. Idan ka ce wa wurin kemis sai ta gyara maka, ta ce famasi ne, ta nuna maka lasisi a bango. Ni kuwa don tsokana har yau kemis nake cewa.

Marainiya ce. Ƙanin mahaifiyarta, Alhaji Talha, shi ya riƙe ta tun tana shekara tara, shi ya kai ta makaranta lokacin da dangi ke cewa ɓata kuɗi ne. Babban dilan magani ne a Kano, kuma a wurinsa take sarin kaya. Duk Juma'a sai ta buga masa waya ta gaishe shi, tana durƙusawa kamar yana ganinta. Ba ta da uban da ya wuce shi, ita ma haka take faɗa.

Amma odarta ba ta san kawu ba. A ƙasan kowace takardar oda tana rubuta sharuɗɗa uku da jan biro. Kada a turo mata maganin da bai kai saura wata goma sha takwas wa'adinsa ya ƙare ba. A rubuta lambar rukuni da ranar ƙarewar kowane magani a jikin rasit. A haɗo da kwafin takardar gwaji ta masana'anta. Na taɓa tambayarta mene ne wannan lambar rukuni da take ɗaga wa mutane hankali a kai. Ta ce duk maganin da aka haɗa a zubi ɗaya lambarsa ɗaya, 'yan kasuwa na ce mata bach namba, idan zubin ya samu matsala da ita ake bin sawunsa kanti-kanti a janye shi. Na ce to wata goma sha takwas ɗin fa, ai ko amarya ba a yi mata wannan tanadin.

Ta ce, "Ke masu sayen atamfarki gobe suna nan. Ni rabin mutanena makiyaya ne. Su saya yau, su bi shanu kudu, sai damina. Maganin da ya rage wata huɗu a jakarsu zai mutu, a dajin da babu wanda zai karanta musu kwanan wata."

Alhaji Talha yakan yi dariyar jan biron nan. Wani lokaci yaransa su cika sharuɗɗan, wani lokaci su manta, ta buga waya a aiko da takardun a motar haya. Haka suke ta lallaɓawa har watan Nuwamba na 2006.

A watan ne Bubayero ya zo. Makiyayi ne daga rugar da ke bayan Zadawa, matarsa Fadimatu na fama da asma, irin wadda idan ta tashi sai ka ji ƙirjinta na fito daga nesa. Likita ya rubuta mata maganin shaƙa, ɗan gwangwanin nan da ake fesawa a baki. Duk shekara kafin su tashi Bubayero kan sayi huɗu, su ishe ta har dawowa. Ya ce an gama girbi, ranar Talata za su kama hanya. Khaulat ta ce kaya na isowa Asabar.

Kayan sun iso Asabar ɗin da hantsi, ina zaune a bakin ƙofarta muna cin gyaɗa. Ta duba rasit, lambar rukuni babu, takardar gwaji babu. Ta yi tsaki, ta yanke kwalin maganin shaƙar. Guda hamsin ne a ciki, kowanne a ƙaramin fakitinsa, an buga Agusta 2008 a jiki. Na ce to ai ya ma wuce abin da kika nema. Ba ta kula ni ba. Ta buɗe fakiti ɗaya, ta zare gwangwanin daga robarsa, ta kai kusa da tabarau. Ta buɗe na biyu, ta buɗe na goma. Sai na ga ta zauna.

Lambar da ke jikin gwangwani daban, ta jikin fakiti daban. Kuma gwangwanin cewa ya yi Fabrairu 2007, saura wata uku. Wani ɗan banza ya kwashe tsohon kaya ya zuba a sabbin fakiti. Ta ce mini ba wai yana zama guba ranar da ya ƙare ba, amma daga ranar babu mai lamunce maka ƙarfinsa, kuma kayan da aka yi wa ƙarya a fakiti ba ka san irin zafin ranar da ya sha ba, ba ka ma san ko abin da ke ciki shi ne ba. A Fabrairu kuwa Fadimatu tana can tsakiyar daji.

Ta kira Alhaji Talha a gabana, ta gaishe shi yadda ta saba, ta faɗa masa.

Ya ce, "To, 'yata, abin bai kai na tashin hankali ba. Sa shi a mota ki dawo da shi, a canza miki."

"Kawu, idan na dawo da shi ina zai tafi?"

"Wannan kuma ba ruwanki."

"Da ruwana, Kawu. Gobe zai sauka a wani kemis a Dagauda, wanda ba zai buɗe fakiti ba. Na rufe shi a kabad, babu inda za shi. Litinin ina nan zuwa."

Da Bubayero ya zo ranar Lahadi ta gaya masa gaskiya, ta ce ya ba ta zuwa Laraba. Ya ce, "Likita, shanu ba su san Laraba ba. Ba ni wanda ke akwai mana, ai na gan shi." Ta ce ko zai ba ta saniya ba za ta ba shi ba. Sai ya ce zai tura shanun gaba da 'yan'uwansa, shi da Fadimatu su jira.

Ni na raka ta Kano, don na ce ba zan bari a ba ni wannan labarin ba. Muka sami Alhaji Talha a ofishinsa a bayan sito, dattijo mai fara'a, ya sa aka kawo mana lemo. Khaulat ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, sannan ta tashi ta ɗora masa fakiti ɗaya da gwangwaninsa a tebur. Ya duba, fuskarsa ta canza. Na rantse bai sani ba. Ya ce wani mutum da suka shekara ashirin suna hulɗa ne ya kawo masa kwali arba'in da rahusa, an riga an fitar da goma sha biyu.

Ta ce, "Ya ba ka takardar gwaji?"

"Mutumin da muka yi aikin Hajji tare zan tambaya takarda?"

"Kantunan da suka karɓi sha biyun nan, su wane ne? A kira su yau."

Ya sa aka ɗauko littattafan rasit. Aka buɗa, aka buɗa. Sunan magani na nan, adadi na nan, lambar rukuni babu. Kuma a watan ya sayar da irin maganin na wani zubin mai kyau, ba yadda za a yi a gane wa ya samu wanne. Ta ce to sai a sanar da hukumar kula da magunguna, su fitar da lambar, kowane kanti ya buɗe nasa ya duba. Ta ce ya fi kyau shi ya kai kansa.

Nan fara'ar ta ƙare. Ya ce, "Khaulat, sunan da na shekara talatin ina ginawa kike so in kai a rubuta a takarda? Ni na ɗauke ki kina yawo ba takalmi. Karatun da kike yi mini taƙama da shi, wa ya biya?"

"Kai ne, Kawu. Kuma abin da aka koya mini ke nan a inda ka kai ni. Idan ba ka je ba zuwa gobe, ni zan je."

"Idan kika je, kada ki sake kira na kawu."

Hawaye na zuba mata, amma muryarta ba ta yi rawa ba. Ta ce, "Kawuna ne kai ko ka amsa ko ba ka amsa ba. Amma zan je."

Ni dai na tsunkule ta, ta ture hannuna. Daga nan muka wuce wurin wani dila mai rajista, ta tsaya a kansa sai da ya rubuta lamba da kwanan wata a rasit, ya buga mata kwafin takardar gwaji, ta zare gwangwani ta gwada da fakiti a gabansa. Muka kwana gidan ƙanwata. Da safe ta kira Alhaji Talha sau uku bai ɗauka ba, sai ta kai rahoton da hannunta. Ranar Laraba Bubayero ya karɓi huɗunsa, masu saura shekara biyu, ya yi mata godiya da Fulatanci, ya ce "Useko, Likita," ya ɗora matarsa a acaɓa suka bi shanu.

Hukuma ta kwashe sauran kwalayen, har da na kabad ɗinta, ta rufe siton na mako uku, ta fitar da lambar. Dangi kuwa suka yi mata ca. An ce butulu ce, an ce boko ya cinye mata kunya. Wata gwaggonsu ta zo har kanti ta ce tsintacciyar mage ba ta mage. Abin ya ba ni haushi, na fito na ce mata Hajiya, ranar da numfashin jikanki ya sarƙe sai ki fesa masa zumunci. An yi bikin 'yar Alhaji Talha ba a aiko mata ko goro ba. Duk da haka ta yi ta kiransa, shekara uku bai ɗauka ba.

Ya rasu a 2009. Ta je ta zauna a can gefe, ba wanda ya matsa mata tabarma. Bayan sadakar bakwai ɗansa Gali, wanda ya gaji siton, ya zo Azare da kansa ya ce yana so ta dawo sari a wurinsu. Ta ce ya san sharuɗɗanta. Ya yi murmushi, ya fito da littafin rasit ɗinsu. An buga masa gurabe biyu sababbi, na lambar rukuni da na ranar ƙarewa, kowane layi a cike. Ya ce tun makon da aka buɗe siton Alhaji ya sa aka buga, kuma duk kayan da suka zo babu takardar gwaji a bakin ƙofa yake juya su, ko na wane ne. Ya kori yara biyu a kan barin gurbin nan wayam.

Khaulat ta ce, "Ya taɓa ambatona?"

Gali ya sunkuyar da kai, ya ce a'a.

Bayan ya tafi ta daɗe tana kuka, ni ma na taya ta. Na ce mata, don Allah gaya mini gaskiya, da za a dawo da ranar nan, ba za ki sa kwalin a mota ki huta ba? Ta share ido, ta mayar da tabarau.

Ta ce, "Da zan ƙara daɗewa a durƙushe a ofishinsa, in gaishe shi sosai, tunda ita ce gaisuwar ƙarshe da zai amsa. Sannan in tashi in je."