Jadawalin Malam Philemon

Shekara goma sha biyu Malam Philemon yana koyar da Ikonomiks a Birnin Gwari, kullum ɗalibansa na rikita ire-iren elastisiti, wato ma'aunin yadda sayen kaya ke sauyawa. Sai ya zana musu jadawali mai layi uku: yadda sayen masara ke sauyawa in farashinta ya motsa, ko samun mai saye, ko farashin dawa.

Wata ɗaliba, Bushira, ta ce, "Malam, tunda 'yan bindiga suka hana noma, masara ta tashi, dawa ta tashi, samun Baba ya ragu. Wane layi ne namu?"

Ya ce, "Jadawalin abu ɗaya yake dubawa a lokaci guda, sauran suna tsaye ba sa sauyawa."

Shi ma shekara uku bai taka gonarsa ba. Ya ajiye alli, sannan ya ce su kwafa haka nan, jarrabawa ta matso.