Ƙirjin Inna Mai Faranti

"Tarin Inna ya dawo?" wani ma'aikacin ɗakin gwaji ya tambayi ɗan'uwansa.

"Ina zai je, tana buɗe farantin funfuna kamar tukunyar miya?"

Inna ta tsufa a ɗakin gwajin nan tana rainon yis da funfuna. Yis ƙwayar halitta ɗaya ce mai toho; a shafa ta a faranti, kwana biyu ta fito sumul kamar man shanu. Funfuna kuwa zare take shimfiɗawa a hankali, ta yi gashi, irinta ya bi iska. Shi Inna ta yi ta shaƙa, har likita ya ce ta zaɓa: funfuna ko numfashi.

Ta daɗe tana kallon farantan, sannan ta kira abokiyar aikinta.

"Ƙanwata, liƙe bakinsu ki ɗauka. Don Allah kada ki jijjiga su."