Wasiƙar Sa'a zuwa ga likitan Treichville

Sau ɗaya na ga an rufe wa Sa'a mai waina baki, kuma mijinta, Malam Harisu, shi ya yi. Kashegarin Babbar Sallah ta 1962 ce, a gidan hayarmu na unguwar Adjamé. Ta kwana tana murƙususu, gari na wayewa ta ce sammu aka yi mata. Malam ya ce kitsen rago ne. Ta rantse ba ta taɓa kitse ba. Tana ɗaga hannun rantsuwar, soyayyen kitse ya faɗo daga bakin zaninta. Malam ya ɗauka ya cinye, ya tafi masallaci.

Shekara ashirin Sa'a tana tuya a tashar motar Gare de Bassam. Ta zagi direbobi da Hausa, ta zage su da Julanci, wanda bai ji ba ta ƙara masa da ludayi. Amma ciwon nan ya fi ƙarfin bakinta. Sai ya yi sati biyu bai zo ba, ya dawo ya kwantar da ita, kasko ya huce, masu ciniki su koma wajen mai aloko, wato soyayyiyar ayaba.

Sau biyu na raka ta wani ƙaramin asibiti a Treichville. Ga inda abin ya lalace: mai yi wa likita tafinta shi ne Harouna, mijin 'yarta ta fari. Sa'a da surukinta ko ruwa ba ta sha a gabansa, balle ta ambaci amai da fitsari. Sai ta ja mayafi, ta dubi ƙasa, ta ce "Ciki ne, amma da sauƙi." Likita ya rubuta maganin tsutsa, muka fito.

Na ce mata, "Ke da kike tsayar da mota da harshe, yaro ɗaya ya mayar da ke bebiya?"

"Zaituna, rufa mini baki. Ke surukanki duk sun gudu."

Da aka ba ta randebu na uku, wato ranar komawa wajen likita, sai ta kira Ibrahimu, ƙanen Malam, akawu ne a tashar jirgin ruwa. Shi kam abokin wasanta ne, babu abin da ba ta iya faɗa masa. Ta ce ya rubuta wa likita da Faransanci.

Ibrahimu ya fara da gaisuwar ban girma mai layi shida.

"Mijin banza, kai neman aiki kake? Goge. Rubuta abin da na ce."

"To matata, faɗi. In sa kitsen?"

"Sa. Sa man wainar ma."

Ga abin da ta faɗa, ina zaune: wata bakwai ke nan, tun Babbar Sallah. Ciwon a dama yake, ƙarƙashin haƙarƙari. Yakan zo kamar awa ɗaya bayan ta ci abu mai maiƙo, ya zagaya baya har allon kafaɗar dama. Yakan riƙe ta daga azahar zuwa la'asar, wani lokaci har magariba, da amai, sannan ya sake ta kamar ba a yi ba. Ya zo sau goma sha uku, ta sani domin kowane zuwa tana ɗaure ƙulli a igiyar labule. Wata biyu da suka wuce idonta ya yi rawaya kwana uku, fitsari ya koma kalar shayi. Maganin tsutsa ta shanye duka, ko tsutsa ɗaya ba ta gani ba. A ƙarshe ta ce a roƙi likita ya duba ta ba tare da Harouna ba, ba don ya yi laifi ba.

Ta dangwala yatsa a ƙasan takardar. Ibrahimu ya liƙe ambulan, ya kai hannun likita kwana uku kafin ranar.

Ran nan muna shiga, takardar tana kan tebur. Likita ya aiki Harouna ɗakin allura, ya kira wata nas mai jin Julanci. Ya danna ƙarƙashin haƙarƙarin, ya ce ta ja numfashi, ta yi tsalle ta zagi kakansa. Aka ba ta ƙwayoyi ta haɗiye da yamma, kada ta ci komai, da safe a ɗauki hoton ciki a babban asibiti. Duwatsu aka gani a matsarmama. Bayan sati uku aka yi mata aiki aka cire ta, aka ba ta duwatsun a kwalba. Kafin azumi ta koma kan kaskonta.

Harouna kam buhun shinkafa ma ya aiko. Malam ne ya ƙi barin maganar. Wata rana a tsakar gida ya sake tayar da ita.

"Ni dai ban gane ba. Kin ji kunyar yaron da ya san aikin, amma kin zayyana wa takarda fitsarinki har da kalarsa, ta haye gada zuwa Treichville a aljihun Ibrahimu. Wace irin kunya ce wannan?"

Sa'a tana juya waina, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, takarda ba ta auri 'yata ba."